Motar ofis da katin mai a takardar albashi: me doka ta ce?

Wani bawan Allah daga Kano ya turo min cewa albashinsa dubu 500 ne a wata, kamfani ya ba shi mota da katin shan mai na dubu 80, sai kawai ya ga an rubuta ƙarin dubu 180 a takardar albashinsa an kuma yanki haraji a kai, alhali ko sisi bai shiga akawun ɗinsa ba. Wai zai iya kai su kotu?

To Malam, gaskiya ban ga kes na kotu a nan ba tukunna. A dokar harajin Najeriya, idan wurin aiki ya saya mota ya ba ka kana amfani da ita, ana ɗaukar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka saye ta a matsayin kuɗin shigarka na shekara. Ka ce miliyan 24 aka sayi taka, kashi 5 ɗin miliyan 1.2 kenan, dubu 100 duk wata, ka haɗa da dubu 80 na mai ka ga inda dubu 180 ta fito. Kuma ba ita ake cire maka ba fa, haraji kawai ake ɗora mata. A dokar da ta fara aiki Janairun 2026 kana rukunin kashi 18 ne, wato mota dubu 18, mai naira 14,400 a wata.

Abin da ni kaina ba ya min daɗi shi ne da farashin saye ake lissafin, ko motar ta tsufa ta fara shan bakin mai adadin ba ya sauka. In kuma haya kamfanin ya ɗauko ta to kuɗin hayar shekara ake ɗora maka, wanda yakan fi tsada. Don haka ka nemi akanta ya nuna maka rasit ɗin sayen, ka tabbatar ba farashin kasuwar yau suka saka ba.

Inda nake ganin kana da magana shi ne man. Kuɗin da aka mayar maka saboda ka kashe shi wajen aikin kamfani ba riba ba ce, babu haraji a kai. In rabin man nan a zuwa wajen kwastomomi Zariya da Katsina yake ƙarewa, fara rubuta kowace tafiya, rana, inda ka je, kilomita nawa, ka ajiye rasit, sannan ka rubuta wa kamfanin su raba man aiki da na zirga-zirgar gida. Duk abin da kake biyansu daga aljihunka kan motar shi ma sai an rage shi.

In sun ƙi gyarawa ka kai ƙorafi a rubuce hukumar tara haraji ta jihar da kake zaune, in ta aiko maka takardar ƙiyasi kwana 30 gare ka ka ƙalubalanta, kar ka bari su wuce.