Waƙar ƙirga ta ƙi hawa tafi: amsar Goggo

Goggo, barka da yamma. Yaran nan namu na Jidda sun koyo wata waƙar ƙirga ta Larabci a makaranta, daga ɗaya zuwa goma, kan wani tsuntsu da ya sauko cin hatsi kyanwa ta biyo shi, suna yi suna tafa hannu bibbiyu. Na mayar musu da ita Hausa, na fara da "Ɗaya, ƙaramin tsuntsu ya sauko", amma ta ƙi tafuwa, hannu sai ya riga baki. Ina matsalar take? Kuma a al'adarmu ya halatta in canja maganar waƙa, ko dole in bar ta yadda take?

Barka kadai, 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya mana su.

Canja ki ƙara. Waƙar yara ba ta da mai ita, ba kuma karatun allo ba ce da malam zai tsare ki a kan wasali. Mu da muka tashi a Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, waƙoƙin da kakanninmu suka taho da su daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 muke yi a dandali. Da na zo Makka na zauna da matan Kano da na Katsina a wajejen Shara Mansur, sai na ji waƙoƙin nan a bakinsu da wasu kalmomi daban, tafin kuwa iri ɗaya. Babu wadda ta ce wa wata ta ɓata. Abin da ba a taɓawa a wasan tafa-tafa shi ne tafin, sai jerin lambobin in waƙar ta ƙirga ce. Tsuntsu kuwa in ya ƙi zama, ki sallame shi ki kawo wani.

To bari mu auna layin naki. Na san tafin da suke yi, jikokina na nan ma shi suke yi: yarinya ta tafa nata hannun, ta buga dama da ta ƙawarta, ta sake tafa nata, ta buga hagu. Bugu huɗu ke nan, sai a koma farko. Kowane bugu yana ɗaukar abu ɗaya cikin biyu a bakin Bahaushe. Ko dai gaɓa ɗaya mai nauyi, wato wadda ake jan wasalinta kamar "ka" ta kaza, ko wadda baƙi ya rufe kamar "tsun" ta tsuntsu. Ko kuwa gaɓa biyu marasa nauyi da ke fita a guje, kamar "ɗa-ya". Yanzu ɗora hannunki a cinya ki buga naki: ɗaya, ƙara, min, tsun, tsu, ya, sau, ko. Bugu takwas ne cif. Kin zuba kayan mudu biyu a mudu ɗaya, shi ya sa yaran ke haɗiye rabin maganar don su kamo hannunsu. Hausar taki lafiya lau take, wurin ne bai ishe ta ba.

Harshenmu ya ma yi miki gata a nan. Lambobin Larabci ba tsawonsu ɗaya ba, wahid gaɓa biyu, talata da arba'a da ashara uku-uku. Namu daga ɗaya har goma duk gaɓa bibbiyu ne. Sai dai nauyinsu ya bambanta, kuma a nan masu gyaran waƙa ke tuntuɓe. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida da tara duk gajeru ne gaba da baya, kowace bugu ɗaya take ci. Saboda haka in kin sa lamba a farkon layi, bugu uku ne suka rage miki, gaɓa uku masu nauyi. Nan za ki cusa labarinki, ba ƙari.

"Ɗaya, ga tsuntsu" ta hau daidai, gwada ki ji. Amma na bar ta, don in kin rufe layin farko da "tsu" kunnen yara zai jira amsa-amon "u" har ƙarshe, kuma za ki sha wahalar samo guda goma. Kalmomin da ke ƙarewa da "a" kuwa sun cika harshen nan, sunaye da aikatau duka. Shi ya sa na ɗauko kaza. Ga yadda na jera:

Ɗaya, ga kaza
Biyu, ga tsaba
Uku, ta ɗauka
Huɗu, ta ruga
Biyar, ga kyanwa
Shida, ta sauka
Bakwai, mun kora
Takwas, ta tsira
Tara, mun koma
Goma da guɗa

Labarin Larabcin bai ɓata ba: mai cin hatsi, mai farauta, tsira. Da a Mai Wurno ne da shirwa zan sa a na biyar, don ita ke surar mana 'yan tsaki. Yaran Jidda ba su san ta ba, kyanwa kuwa tana kan kowace katanga da bakin kowace bola. Shirwa da kyanwa nauyinsu ɗaya, gaɓa biyu masu nauyi, kina iya musanya su ba abin da zai motsa. Mage ba za ta yi ba, ta fita daga amsa-amon.

Ki lura ban sa lambar a ƙarshen layi ba. Mutane kan so yin haka don a ce lambar ce ke amsa amo, to biyu da uku da huɗu za su ba ki haɗin kai, ɗaya da shida da tara da goma ma haka. Amma me za ki haɗa da takwas? Me za ki haɗa da bakwai? Sai ki ga an jawo kalmar da ba ta da alaƙa da labarin don dole. In lambar na gaba, ƙaramin yaro ma ya fi saurin kamawa, don ya san duk lokacin da ya tafa nasa hannun a farkon zagaye, lamba ce za ta fito.

Yanzu ga masu gardamar: biyar, bakwai, takwas. Waɗannan gabansu gajere ne, bayansu mai nauyi, bugu ɗaya da rabi ke nan. In kika ɗora "bi" a kan tafi, "yar" za ta faɗo tsakanin bugu biyu, duk layin ya goce. Dabarar ita ce gaɓar farko ta fita tun hannu na sama, kafin ya haɗu, tafin ya sauka a kan ta biyu: bi-YAR, ba-KWAI, ta-KWAS. Wato gajeriyar gaɓar tana cin ɗan lokaci daga wutsiyar layin da ya gabata. Da gangan na sa "sauka" kafin bakwai, don "ka" ɗinta gajeriya ce, ita da "ba" sai su raba bugu ɗaya su biyu ba tare da an matse kowa ba. 'Yan matan dandali ba wanda ya taɓa yi musu wannan bayani, jikinsu ne ya sani. Naki yaran da Larabci ya fi zama a bakinsu sai kin nuna musu a hankali, ki riƙe hannun yarinya a sama ki ce "bi", ki sake shi ki ce "yar".

Goma kuma akasin haka ce, nauyinta a gaba yake. "Go" ta cika bugun farko ita kaɗai, "ma" ta shiga na biyu da rabin wuri a gefenta. Dole ki ba ta gajeriyar abokiya. Shi ya sa na ce "goma da guɗa": go, ma-da, gu, ɗa. In kika ce "goma, mun gama" ma'ana ta yi kyau, amma "ma" da "mun" ba za su shiga bugu ɗaya ba, za ki ji yaran suna tauna wurin.

Wani abu kuma da ya shafi gidanmu. Tsofaffinmu na wajen Sakkwato "ukku" da "shidda" suke cewa, ni ma in na saki baki haka nake faɗa. Waɗannan nauyin goma gare su, ba na uku da shida ba. In yaranki haka suka ji a bakin ubansu, to layin na uku da na shida sai an sake musu gini irin na goma. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. "Biyat" kuwa ba ruwanta, nauyinta ɗaya da biyar.

Alamar da za ki gane layi bai cika ba ita ce yara su fara jan wasalin da ba a ja. Da kin ce "tara, mu koma", "mu" gajeriya ce, ba ta cika bugu ba, sai su riƙa cewa "muu". Da "mun" an rufe ramin. Wanda ya fi muni shi ne su ja lambar kanta. In suka raba tara a kan bugu biyu suka ce "taa-ra", sun bar lamba sun koma tara kaya, yaron da ke koyon ƙirga kuma haka zai ɗauke ta. Duk inda kika ji haka, kada ki yi musu faɗa, layin za ki gyara.

Muryar waƙar Larabcin fa, ki ajiye ta tukuna. Hausa tana da hawa da saukarta a cikin kalma. Biyar daga ƙasa take tashi sama, shida da bakwai da takwas da tara da goma daga sama suke gangarowa. In kika tilasta musu bin muryar da aka yi wa wasu kalmomi, za ta fito kamar Hausar baƙo. Ku fara faɗinta da muryar magana kuna tafawa, sau da yawa. Waƙar za ta fito da kanta daga hawa da saukar kalmomin, kuma in ta ɗan yi kama da ta makarantar a wasu wurare ba laifi.

Abin da al'ada ta tsare a wasan kaɗan ne. Ba a sa sunan uba ko na wani babba a ciki, ko da ya yi daidai da amo. In an kira salla a tsaya. Wadda ta kuskure ta buga hagu a wurin dama ta fita, ta jira, wata ta shiga, a yi mata 'yar dariya ba zagi. Kowane zagaye kuma ya fi na baya sauri, a kan goma a haɗa hannu biyu gaba ɗaya a bugun ƙarshe maimakon hagu, mai iya guɗa ta rangaɗa. A benen haya dai ki duba maƙwabta kafin ki koya musu wannan.

In sun ƙware suna son wuce goma, kada ki ce "goma sha ɗaya", ita kaɗai ta cinye layin. "Sha ɗaya" za ki ce, kamar yadda ake yi a kasuwa. Bugu biyu take ci, "sha" ɗaya, "ɗaya" ɗaya, saura biyu, kalma guda mai gaɓa biyu masu nauyi: sha ɗaya, kaza, sha biyu, tsaba, sha uku, kyanwa. Sha biyar da sha bakwai da sha takwas sai "sha" ta ɗan rage ja ta ba gajeriyar gaɓar wuri.

Ki gwada da manyan biyun tukuna, ƙananan za su ɗauka a wurinsu. In kun shigo Umra ki zo min da su in ji. Ki gaishe min da maigidan.