Shadda ta tashi, me ya shafi zare?

"Masta, shadda ce ta yi tsada bana, zaren aiki kuwa yana nan a kuɗinsa. To me ya sa ka ce in rage zaren da zan sayo a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi, in ƙaro maɓalli da zif?"

Kai yaro, ashe duk zaman da kake yi a shagon nan idonka na kan waya. Ka taɓa ganin mutum ya shigo ya ce a sayar masa da aikin wuya shi kaɗai, ya rataya ya tafi Idi? Zare ba shi da mai saye sai ta hannun shadda. Wanda zai ɗinka babbar riga kuɗi ɗaya yake lissafawa a ransa, kuɗin rigar gaba ɗaya daga yadi har bugu. Mu ɗauka shadda mai kyau yadi ɗaya sidi 100 ce, babbar riga da 'yar ciki da wando suna cin yadi 10, sidi 1,000 ke nan, ɗinki da aiki 500, duka 1,500. Sai shaddar ta koma 180. Ni ban ƙara ko fesuwa ɗaya ba, mai zare bai ƙara ba, amma rigar ta zama 2,300. Mutumin da ya tanadi 1,500 zai fasa, kuma idan ya fasa ya fasa da zarena, da mai keken aiki, da mabugi, da marini. Duk mu abokan tafiyar shadda ne, inda ta tsaya nan muke tsayawa.

Amma fa ba tsirara zai je Idi ba. Zai sayi yadi 4 ko 5 na yadin kaftani, a yi masa ɗinki marar aiki, maɓalli a gaba da hannu, zif a wando. Yadin shi ne madadin shadda, ita ta tashi shi ya samu kasuwa. Idan ka duba da kyau ma za ka ga kafin azumi ya raba, yadin da ake sayarwa 60 ya kai 70 ko 75, don kowa can ya nufa, masu shago kuma ba barci suke yi ba.

Wannan karatun wani Alhaji ne ya biya mini shi a 2022, kuma har yau idan na tuna sai abinci ya fita raina. Ba zan kira sunansa ba, ka san shi, yana wucewa ta nan da motarsa. Ya zo wajen watan Agusta, zai aurar da 'yarsa a Disamba, yana son manyan riguna 12, nasa da na 'yan uwansa da abokan kasuwancinsa. Shaddar Getzner ya ce, 'yar Ostiriya, launi uku, kuma aska takwas yake so a nasa, sauran aska biyu. Ya kawo ƙyallaye na gwaji, ya ce shaddar tana hanya daga Lome, ni dai in tanadi zare tun da wuri don launin ya dace. Na nemi adibas, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Masta, tsakaninmu?" A gaban mutane ya faɗa, ni kuma mahaifinsa ya yi zama da maigidana a Aboabo, sai na yi shiru.

Na zagaya Alabar da Adum har na haɗa zaren, launi uku, na riguna 12, da kuɗin aljihuna. Na kama mai keken aiki na ba shi nasa adibas ɗin don kada wani ya riga ni. Na kori ɗinkin mutum nawa a Oktoba saboda na ware wa Alhaji lokaci. Ka tuna shekarar: dala tana wajen sidi 6 a Janairu, kafin Nuwamba ta ƙare ta kusa 15. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya haukace, shadda kuwa ita ce gaba. Na aika a tambayi Alhaji, ya ce mako mai zuwa. Na sake aikawa, ya ce mota ta lalace a Aflao. Ranar ɗaurin aure na je masallaci da ƙafata, sai ga su sun jeru su goma sha biyu cikin kaftanin yadi, babu ko ɗigon zare a wuyan ɗayansu, wani yaro a Asawase ya ɗinka musu. Ya miƙo mini hannu yana murmushi, wai "Masta, ka ga yadda ƙasa ta zama."

Ni ban ce ya yi laifi da ya koma yadi ba, kowa da aljihunsa. Abin da ya ƙona ni, ya san ya sauya tun Oktoba ya bar ni ina jira. Kuma da na ɗebi zaren zan mayar, mai shago ya ƙi karɓa, ya nuna mini nasa jibge har rufi. Na Alhaji ɗaya na gani a shagona, shi ya ga na Kumasi duka. Zaren ya yi tsada a takarda saboda dala, amma babu mai taya shi. Ruwan ƙasa-ƙasan nan da ke cikin akwatin ƙarƙashin tebur, ragowarsa ne.

To kada ka ɗauki maganata ka tafi da ita kamar karatun aku, don ku yaran yanzu haka kuke, a faɗa muku abu ɗaya ku shafa wa komai. Sai ka duba inda mutane suka gudu. Idan daga Getzner suka sauka zuwa shaddar Caina mai araha, har yanzu babbar riga ce, zare zai tafi, sai dai ba wanda zai zuba aska takwas a kan shadda mai araha, ƙaramin aiki za su nema. Idan yadi suka koma, zare ya mutu. Sannan ka duba tazarar da ke tsakanin kuɗin biyun. A 2022 yadin ma ya tashi, shi ma da dala ake kawo shi, amma ƙarin kashi 80 cikin ɗari a kan sidi 1,000 sidi 800 ne, a kan sidi 300 kuwa 240 ne, mai iyali ya san wanda zai iya ɗauka. Akwai kuma waɗanda ba sa sauka ko shadda ta kai nawa, sarakunan Zango da limamai da wasu angwaye. Su ne dalilin da na ce ka rage, ban ce ka bari ba.

Yadda za ka gane tun da wuri ba sai na koya maka ba, ka ƙirga ledojin da aka kawo cikin goman farko na azumi, nawa shadda nawa yadi, ka leƙa rumfar mabuga ka ji ko ana bugu har dare. Abin da ba ka sani ba shi ne Sallar farko bayan shadda ta tashi mutane sukan cije su saya, don sun saba kuma suna jin kunyar sahu. A ta biyu suke watsewa, bayan sun ga maƙwabci ya sa kaftani ba wanda ya yi masa dariya. Wasunsu kuwa ko shadda ta sauko ba sa dawowa, Alhajin nan har yau kaftani yake sawa.

Ka sayo fari da ruwan madara da baƙi kawai, su suna shiga kowace riga. Launi na musamman sai shaddar ta iso teburin nan na taɓa ta da hannuna, an kuma ajiye rabin kuɗi, ko ɗan wane ne ya aiko.