Ana ce min in daina kuka: me zan amsa?

Tambaya: Malam, maigidana ya rasu wata biyu da suka wuce, ina cikin takaba. Gwaggona kullum sai ta ce in daina kuka, wai hawayena na ƙona shi a kabari. Wata maƙwabciya kuma ta ce ai ni yarinya ce, zan samu wani. Raina na ɓaci. Zunubi ne in mayar musu da magana?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana. Ya halatta ki amsa, muddin babu zagi ko wulaƙanta na gaba, babu kuma furucin da ke nuna fushi da ƙaddara.

Mu fara da maganar gwaggo. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa, marin fuska da yaga tufa, ba hawaye ba. Buhari ya ruwaito cewa da Annabi (SAW) ya ga ɗansa Ibrahim yana gargarar mutuwa, idanunsa sun zubo da hawaye. Abdurrahman bin Auf ya ce, "Har da kai, ya Manzon Allah?" Bai tsawata masa ba, sai ya ce wannan rahama ce, ya ƙara da cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Hadisin da ke cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa kuwa, mafi yawan malamai sun ɗauke shi a kan wanda ya yi wasiyya a yi masa kururuwa. Don haka ki sassauta murya ki ce: "Na gode Gwaggo. Na karɓi ƙaddara, hawayen ne ba ni da iko a kansu. Ki sa shi a addu'a." Roƙon addu'ar nan na da amfani, domin sau da yawa mai nasihar bai san abin da zai faɗa ba ne, ke kuma kin ba shi abin yi.

Idan ta nace, ki ari amsar Annabi Yakubu. Da 'ya'yansa suka ce ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya halaka, cewa ya yi, "Ina kai ƙarar damuwata da baƙin cikina ga Allah kaɗai" (Suratu Yusuf, aya ta 86). Ki faɗi haka ki yi shiru.

Maƙwabciya kuwa amsarta gajeriya ce: "Allah ya saka da alheri, amma ina cikin takaba, mu bar zancen nan." Wata huɗu da kwana goma haƙƙin mijinki ne, kuma ko bayan sun cika babu wanda ya wajabta miki ki manta da shi.

In kin ji harshenki zai kuɓuce, ki ce "Bari in ɗan shiga ciki," ki tashi. In kuma kin riga kin yi wa gwaggo tsawa, ki je ki ba ta haƙuri idan zuciya ta lafa.

Allah ne mafi sani.