Hannun ɗan katun yana juyawa ta doguwar hanya tsakanin kifirem biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa katun da Blender a nan Tudun Wada, Kaduna. Na sa kifirem a firem na 1 da na 25, hannun ya kamata ya ɗan gusa ne kawai, amma sai ya kewaya ta baya ya ratsa cikin jiki kafin ya isa. Ƙasusuwan da na ɗora ne suka lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙasusuwanka lafiyarsu lau, kada ka rushe su. Matsalar tana cikin lambobin da aka adana. Kifirem ba ya riƙe hoton yadda hannu ya tsaya, lamba yake riƙewa, kuma abin da manhaja take yi tsakanin kifirem biyu shi ne ta ƙirga daga lambar farko zuwa ta biyu. Ba ruwanta da cewa juyi da'ira ne.

A ce a firem na 1 ƙashin yana kan digiri 170 a Z, a firem na 25 kuma an adana -170. A ido, tazarar digiri 20 ce kacal, don -170 da 190 wuri ɗaya suke nunawa. A ƙirge kuwa, daga 170 zuwa -170 sai an sauko ta 90, ta 0, ta -90, wato digiri 340. Kamar mota ce a shataletalen Lugard Hall: hanyar da kake so tana dab da bayanka, amma dole ka zagaye kafin ka shige ta.

Ina -170 ta fito, tunda ba kai ka rubuta ba? Galibi daga inda manhaja ta sake lissafa kusurwa da kanta: an shigo da motsi daga fayil ɗin FBX ko BVH, ko an yi Bake Action, ko an liƙa tsayuwa da Paste Pose Flipped. Lissafi irin wannan yakan dawo da kusurwa tsakanin -180 da 180, shi ya sa da hannu ya haura 180 sai lambar ta faɗa ɗaya ɓangaren.

Kafin ka taɓa komai, shiga Pose Mode, zaɓi ƙashin, danna N ka duba abin da ke ƙarƙashin Rotation. Gyaran ya danganta da abin da ka gani a nan.

Idan XYZ Euler ne, ko ɗan'uwansa mai gida uku, buɗe Graph Editor. Za ka ga layi ɗaya ya gangaro daga 170 har -170 alhali sauran suna kwance. Je firem na 25, a gidan Z rubuta `-170+360`, zai koma 190, sai ka danna I ka sake sa kifirem. Tsayuwar hannun ba za ta canza ko kaɗan ba, hanyar zuwa ce ta gajarce. Amma lura, in akwai wasu kifirem bayan na 25 waɗanda har yanzu suke kan -160 ko -150, ka tura matsalar gaba ne kawai. Zaɓe su duka a kan layin Z, ka danna G, sannan Y, ka rubuta `360`, su hau tare. Ka tabbata Normalize a kashe yake, in ba haka ba lambar ba za ta zama digiri ba. Idan kifirem ɗin sun yi yawa, kamar na motsin da aka gasa a kowane firem, zaɓi layukan X da Y da Z gaba ɗaya ka yi amfani da Discontinuity (Euler) Filter. Yana cikin Channel a sababbin Blender, a tsofaffi kuma cikin Key. Masu Maya su nemi Euler Filter a ƙarƙashin Curves.

Sai dai na fi zaton Quaternion (WXYZ) za ka tarar, don a kansa Blender take sakin sabon ƙashi, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa saboda an gaya musu shi ba ya irin wannan. Yana yi, ta wata fuska daban. Gidaje huɗu ne, kuma kowace tsayuwa tana da rubutu biyu: in ka juya alamar duka huɗun, mai ragi ya zama mai ƙari, mai ƙari ya zama mai ragi, hannun yana nan inda yake. Blender kuma kowane gida layinsa take bi daban, sannan ta daidaita su huɗun. Ga lambobin misalinmu:

```
170:   W =  0.087   Z =  0.996
-170:  W =  0.087   Z = -0.996
190:   W = -0.087   Z =  0.996
```

Daga layin farko zuwa na biyu, W ba ya motsi, Z kuma dole ya bi ta sifiri. A firem na 13, tsakiyar tafiya, Z ya zama 0, saura W kaɗai, kuma wannan shi ne digiri 0: hannun ya koma can ɗaya gefen da'irar. Daga layin farko zuwa na uku kuwa, Z ne yake tsaye, W ya bi ta sifiri, wanda ya ba da digiri 180, daidai inda kake son hannun ya ratsa.

Wannan matsalar tana da alamar da ake gane ta tun kafin a duba lamba. Idan an sa Linear, ta Euler gudu ɗaya take yi daga farko har ƙarshe. Ta Quaternion kuwa noƙewa take yi tukuna: a firem na 7 hannun yana kusan 160, ya gusa digiri 10 kawai, amma a firem shida na gaba sai ya fizge digiri 160. In ka ga hannu ya yi kamar zai tsaya sannan ya wulwula a tsakiya, alamar lambobin ce ta juye.

Gyaranta ba wuya. Tsaya a firem na 25 cikin Pose Mode, zaɓi ƙashin, ka shiga Pose sannan Flip Quats, ko ka danna Alt+F. Ba za ka ga komai ya motsa ba, haka ya kamata. Danna I nan take kafin ka bar firem ɗin, in ba haka ba gyaran zai ɓace. Idan kifirem na gaba ma suna kan tsohuwar alama, zaɓe su a layuka huɗun a Graph Editor, mai da Pivot Point zuwa 2D Cursor, ka tabbata ƙimarsa tana kan 0, sai S, Y, `-1`. Huɗun duka fa. Wanda ya juya uku ya bar ɗaya ya canza tsayuwar hannun kenan.

Don tantance ko kifirem biyu maƙwabta suna da saɓani, ninka W da W, X da X, Y da Y, Z da Z, ka tara. A misalinmu layin farko da na biyu sun ba da kusan -0.985. Duk lokacin da jimillar ta fito da ragi, doguwar hanya za a bi.

Ban ba ka shawarar sauya Rotation Mode a tsakiyar aiki ba. Sauyawar ba ta mayar da tsofaffin kifirem zuwa sabon tsari, suna nan a layukansu na da, ƙashin kuma ya daina jinsu, sai ka ga hannu ya daskare.

Akwai kuma lokacin da doguwar hanyar ce ake so, kamar ɗan dambe da zai wulwula hannu zagaye guda. A Euler, 0 zuwa 360 ya wadatar da kifirem biyu, amma kada ka bi ta kansa da Euler Filter, don zai ɗauki 360 a matsayin kuskure ya mai da ita 0, juyin ya mutu. A Quaternion kifirem biyu ba sa ɗaukar cikakken zagaye yadda ya kamata. Sa ɗaya a kowane digiri 90, ka duba jimillar kowane biyu maƙwabta kada ta fito da ragi.

In ka yi duk wannan hannun yana Euler amma har yanzu yana karkacewa a hanya, kuma layuka ukun suna tsalle tare, duba Y. A tsarin XYZ, idan Y ya kusa 90 ko -90, X da Z sukan hau kan juna su zama juyi ɗaya. Wannan ba a gyara shi da ƙara 360. Sai an zaɓi tsarin da zai sa gidan da hannun bai cika juyawa a kansa ba a tsakiya, sannan a sake sa kifirem ɗin ƙashin daga farko.