Ranar haihuwa a fom: ta takardar rantsuwa ko wadda Inna ta faɗa?

"Ina Jidda, ba ni da takardar haihuwa sai ta rantsuwar shekaru da Baba ya yi min a kotu a Kano. Ita ta ce 15/03/1985, haka ma fasfona, amma Inna ta ce da azumi ta haife ni. Wacce zan rubuta?"

Ɗan'uwa, rubuta 15/03/1985 a ko'ina. Na yarda da maganar Inna, azumin 1985 kuwa tsakanin Mayu da Yuni ya faɗo, ka ga an samu saɓani. Sai dai ma'aikacin da ke bayan gilashi fasfo da iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, yake dubawa, kuma iƙama daga fasfo ake ɗauko ta.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gurbin Hijira. Watan Maris na 1985 cikin shekarar 1405 yake, ranarka kuma a Jimada Sani ta faɗo. Kada ka lissafa da ka, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, manhajojin juya kwanan wata ma sukan saɓa da kwana guda. Ka kwafi abin da ke jikin iƙamarka lamba-lamba. Ni kaina kwana ɗaya tak ya sa aka dawo min da fom a wani banki, na sake bin layi washegari.

Don Allah kada ka sa a yi maka sabuwar rantsuwa da ranar azumin. Takardu biyu masu rana daban-daban su ne ke jawo tuhuma. Ta Baban ka adana asalinta, ka riƙa miƙa kwafi.