Amsar muryar da aka turo a gurup kan sunan sana'a

Tambaya: "Salamu alaikum yaya, zan buga etiket na man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da nike saidawa, masu sayena akwai 'yan Yamai akwai 'yan Jibiya da Katsina. Sunaye ukku gare ni, Cigaba, Gidan Ƙuli, ko Kaka. Wanne za ni ɗauka?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah shi sa albarka. To ni da nike aikin buga etiket da allunan shago nan Maradi, gaskiya duka ukkun sai na ce ki dakata tukuna, kar ki kai kuɗinki wurin bugu. Bari ki ji dalili.

Mu nan matsalarmu ita ce baki ɗaya muke magana amma hannu ukku muke rubutu. Akwai wanda ya yi lakwal shina rubutu da ƙa'idar Faransanci, akwai na Najeriya da ya saba da Ingilishi, ga kuma rubutun Hausa na boko. Dubi Cigaba. Ke kin rubuta da c don haka Hausa ta ce, to mutumin Yamai in ya gani Sigaba zai karanta, in kuma da kunne ya ji sai ya rubuta Tchigaba, kamar yadda anka rubuta Tchadoua a allon hanya alhali mu Cadawa muke cewa. Na Katsina shi kuma wani sa'in Chigaba zai sa. Kin ga suna guda ya rabu ukku, wanda ya neme ki a Fesbuk da ɗaya ba ya samun ki da ɗayan, kuma ba zai kira ki ya ce ban gan ki ba, wurin wata kawai zai tahi ya saya.

Gidan Ƙuli shi ma haka. Bafaranshe g ɗin da i ke bi mata j yake karanta ta, shi ya sa kika ga ana rubuta Guidan Roumdji da u a tsakani. Sannan ga ƙ mai lanƙwasa, waya da yawa babu ta, wani rubutun ma in na sa a mashin sai ta hito ɗan akwati babu komi ciki. Ga kuma u, da nan za a mayar da ita ou, Kouli. Abin da ya raba Usman da Ousmane ke nan, da Musa da Moussa, wanda har s ɗin anka ninka don s ɗaya tsakanin wasula biyu z ce a Faransanci.

Kaka kuwa wallahi ya hi su daɗin faɗi, kuma ma'anar ta dace da gyaɗa tunda lokacin girbi ne, na so shi ƙwarai. Amma ki yi haƙuri, a Faransanci kalmar da ke da wannan sauti kashin yara take nufi, kuma kayanki abinci ne, duk yaron da ya shiga lakwal ya san ta. Don haka ma'ana ma sai an bincika, ba rubutu kaɗai ba. Ko Zabarmanci, hari ruwa ne wurinsu, mu kuwa kin san mi hari yake nufi.

To abin da nike ba mutane shawara, ki gina sunan da haruffan da kowa ke karantawa iri ɗaya, wato a, i, o da b, d, k, l, m, n, t, gaɓa biyu ko ukku, baƙi wasali baƙi wasali. Ki kauce ma c, j, sh, ts, u da masu lanƙwasa. Misali kalma kamar Ladabi, ba wai na ce ki ɗauke ta ba, amma ki duba, Bazabarme da Bayarabe da ɗan lakwal duk abu guda za su rubuta. Ki bar Alheri da Albarka, suna da kyau amma ki zaga babbar kasuwa ki ƙirga shago nawa ke da su.

In kin samu sunan ki gwada shi hakanga. Ki kira mutum biyar ta waya, biyu masu Faransanci, biyu daga Najeriya, ɗaya wanda ba Bahaushe ba, ki faɗi sunan sau ɗaya tak, kar ki maimaita kar ki hwaɗa musu haruffa, ki ce su turo miki a rubuce. In huɗu sunka rubuta iri ɗaya ya wuce, in rubutu ukku daban ya dawo miki ki canza. Bayan kwana biyu ki sake kiransu ki ce mi ne ne sunan nan da na gaya muku, wanda ya ce tsaya in tuna, to kin ji amsa.

Sai abu na ƙarshe, in kasuwa ta buɗe kina son kare sunan, rajistar OAPI, hukumar kare sunayen kaya da ke Yawunde, tana rufe ƙasashe 17 har da Nijar, amma Najeriya ba ta ciki, can sai an yi tasu daban. Ki turo min sababbin sunayen da kika samu in duba miki kafin ki buga ko guda.