Inda ake rubuta wa mai karatu umarnin murya

"Na rubuta bayanin ambaliya don rediyo, amma mai karantawa ya sauke shi da murya ɗaya kamar sanarwar cigiya. Yaya zan nuna masa?"

Ɗan'uwa, sa umarnin a saman kowane sashe, cikin baka, da wata kalar rubutu, don kada ya karanta shi a iska. Na taɓa ganin hakan ya faru.

Kada ka rubuta "da tausayi" kawai, kowa da irin tausayinsa. Inda uwa ke neman ɗanta, rubuta: a sassauta murya, a ja a hankali, a yi shiru daƙiƙa 2 bayan sunan yaron. Shirun nan ne ke taɓa zuciya. Wajen lambar agaji kuwa: da ƙarfi, dalla-dalla, a maimaita.

In ka yawaita umarni, zai daburce. Kafin ɗauka, ku gwada gaban furodusa, shi zai auna lokacin.